Idan Jan Biro Ya Gaza: Malami Mai Binciken Ajinsa

A ƙarshen shekarun 1970, a Boothbay Harbor, wani ƙaramin gari na bakin teku a jihar Maine ta Amurka, an yi wata malamar Turanci mai suna Nancie Atwell da ke koyar da 'yan aji takwas, wato yara masu shekara 13 zuwa 14. Manhajar rubutun da take amfani da ita, da hannunta ta tsara ta, tana kuma alfahari da ita. Ita ke zaɓar jigo, ita ke faɗin ranar da za a kawo, ita ke kwashe takardun ta bi su da gyara. A cikin ajin akwai wani yaro da ya girmi sauran, karatu da rubutu duk suna ba shi wuya. Duk lokacin da aka ce a yi rubutu, shi zane yake kamawa, yawanci na jiragen ruwa. Malamar ta yi ta matsa masa ya bar zane ya yi abin da aka sa shi. Shi kuma sai ya je gida ya rubuto ya kawo mata.

Daga baya ne ta ci karo da rahotannin wani bincike da Donald Graves da abokan aikinsa, Lucy Calkins da Susan Sowers, suka yi a wata firamare a garin Atkinson na jihar New Hampshire tsakanin 1978 da 1980. Zama suka yi ta yi a gefen yara suna kallon yadda rubutu ke fitowa daga hannunsu. Cikin abin da suka gani har da cewa yara da yawa da zane suke shirya abin da za su rubuta. Ashe abin da take hana yaron nan, shi ne hanyarsa ta yin tunani.

Atwell ba ta karɓi wannan da sauƙi ba, ta yi ta gardama da shi kafin ta sauko. Amma da ta sauko, sai ta bar yaran su riƙa zaɓar abin da za su rubuta a kai, ta tashi daga bayan babban teburinta ta shiga zagaya su da littafin ajiye bayanai a hannu. Tana rubuta abin da kowane yaro yake yi, da inda ya maƙale, da abin da ta ce masa, da abin da ya biyo baya. Daga waɗannan bayanai ne ta fitar da littafinta na 1987, wanda malaman rubutu a Amurka suka yi ta karantawa shekara da shekaru.

Irin wannan aiki, inda malami da kansa yake bincikar abin da ke faruwa a ajinsa domin ya gyara koyarwarsa, shi ake kira bincike a bakin aiki. Masanin halayyar jama'a Kurt Lewin, haifaffen ƙasar Jamus ta wancan zamani da ya koma Amurka, shi ne ya fito da tsarin a wata maƙala ta 1946. A Ingila, Lawrence Stenhouse ya ja shi zuwa cikin aji a 1975, yana mai cewa manhaja ba ta ingantuwa sai malamin da ke koyar da ita ya zama mai bincike. A farkon shekarun 1980 kuma Stephen Kemmis da Robin McTaggart na Jami'ar Deakin a Ostareliya suka shimfiɗa shi a matakai huɗu da yawancin rahotannin malamai ke bi har yau: a tsara, a aiwatar, a lura, a waiwaya. Abin da waiwayen ya nuna shi ke haifar da sabon tsari, sai a sake zagayowa.

A takarda abin kamar ba wuya. Wuyarsa sai an bi shi ta cikin littattafan yara na gaske, don haka bari a ɗauki misali. Ajin da alƙaluman da ke tafe duk na kwatance ne, an ƙaga su domin a ga yadda aikin ke tafiya.

A ɗauka wata malama ce ke koyar da Hausa a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, da ɗalibai 60. Kowane mako biyu tana ba da insha'i, ta kwashi littattafai zuwa gida, ta cika su da jan biro. Abin da ke damunta shi ne kuskuren da ta gyara a wannan karon, shi take sake tararwa a karo na gaba, a hannun yaron da ta gyara wa. Matakin farko shi ne ta mai da wannan damuwa tambayar da za a iya amsawa. "Yaya zan inganta rubutun ɗalibaina?" ta yi faɗi da yawa, ba wanda zai san ranar da aka amsa ta. Tambayar da za ta yi aiki ita ce: me zan sauya a yadda nake gyara insha'i domin kuskuren da na nuna ya daina dawowa?

Kafin ta sauya komai, sai ta san inda ajin yake tsaye. Wannan mataki ne malamai da yawa ke tsallakewa saboda ɗoki, kuma duk rahoton da ya rasa shi ba shi da abin da zai gwada sakamakonsa da shi. Ba za ta iya ƙirga kurakuran littafi 60 dalla-dalla ba, saboda haka ta ware 12: huɗu daga masu ƙoƙari, huɗu daga 'yan tsakiya, huɗu daga waɗanda ke baya. A kowane littafi ta ɗauki kalmomi 100 na farko ta ƙirga kurakurai, tana rarraba su gida-gida. Dalilin tsayawa a kan kalmomi 100 shi ne yaron da ya rubuta shafi biyu dole ya fi mai layi biyar yawan kuskure, alhali ba lallai ne ya fi shi rauni ba. Ta kuma rubuta tsawon kowane insha'i.

Da ta gama sai ta ga abin da shekarun gyara ba su nuna mata ba. Matsakaicin kuskure 14 ne a kalmomi 100, amma takwas daga ciki iri ɗaya ne: haɗa kalmomi da raba su. Yara suna rubuta "ya na" da "su na" a rabe inda ƙa'ida ta ce a haɗa, suna kuma rubuta "yace" da "dashi" a haɗe inda ya kamata a raba. Sauran kurakuran sun rabu tsakanin barin lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, da rashin aya, da manta babban harafi. Ita da take ganin komai ya lalace, ashe fiye da rabin matsalar a wuri guda take.

Zagaye na farko mako uku ne. Ta daina gyara komai da komai. A farkon kowane darasi tana ɗaukar minti goma ta koyar da ƙa'idar haɗawa da rabawa da jimlolin da ta tsamo daga rubutun yaran kansu, ba tare da faɗin mai su ba. A littafi kuma ba ta rubuta daidai ɗin, layi kawai take ja a ƙarƙashin wurin, yaro ya nemo gyaran da kansa. Kowace rana bayan an tashi tana rubuta layi biyar ko shida a littafinta: abin da ta yi, abin da ta gani, abin da ya ba ta mamaki.

A ƙarshen mako na uku ta sake ƙirga littattafan nan 12. Kuskure ya sauka daga 14 zuwa tara. Da a nan ta tsaya, da ta rubuta rahoto mai daɗin karantawa wanda kuma ya ɓoye rabin gaskiya. Domin ɗaya alƙalamin da ta ajiye, wato tsawon insha'i, shi ma ya sauka, daga kalmomi kamar 120 zuwa 70. Jimlolin sun gajarce, sun zama iri ɗaya, labarin ya bushe.

Nan ne waiwaye ke aikinsa, kuma ba zama a yi tagumi ba ne. Malamar ta jera abubuwa uku a gabanta: alƙaluman, da littafin bayananta, da abin da yaran za su ce. A bayananta ta tarar ta rubuta har sau uku cewa hannaye sun yawaita a sama, ana tambayarta ko kaza haɗe yake ko rabe tun kafin a gama jimla. Ta kira yara shida ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe musu tsohon insha'insu da sabon, ta ce su gaya mata abin da ya bambanta su. Abin da ta fahimta daga bakinsu shi ne sun gano dabarar tsira: in ba ka tabbatar da yadda ake rubuta abu ba, ka bar shi, ka rubuta wanda ka sani. Kuskuren bai ragu don sun ƙware kaɗai ba, ya ragu ne kuma don sun daina kusantar wuraren da ake faɗuwa.

Ba don ta ajiye ma'auni biyu ba, da wannan ya wuce ta. Malami ya auna abin da yake son ya gyara, ya kuma auna abin da gyaran zai iya ɓatawa.

Tambayar ta sauya ke nan. Yanzu ita ce: yaya yara za su kula da ƙa'ida ba tare da tsoronta ya hana su faɗin abin da ke ransu ba? Zagaye na biyu ya raba aikin gida uku. A darasin farko a yi rubutun farko, ba maki, ba ja, duk wanda ya yi shakkar kalma ya sa mata ɗigo a sama ya wuce. A darasi na biyu yara su zauna biyu-biyu, kowa ya karanta wa abokinsa nasa da murya, mai sauraro ya yi tambaya a kan abin da bai gane ba, marubucin ya ƙara ko ya rage. Sai a na uku a koma kan ɗigon nan a duba ƙa'ida. A ƙarshe malama ta rubuta jimla biyu: abu ɗaya da ya yi kyau, da abu ɗaya da za a yi a gaba. Maki tana ajiye shi a rajistarta, ba ta sa shi a shafin.

Wannan shawara ta ƙarshe tana da madogara a bincike na gaske. A 1988 Ruth Butler ta wallafa sakamakon gwajin da ta yi da yara 132 'yan aji biyar da shida a Isra'ila. Wasu an ba su maki kawai a kan aikinsu, wasu sharhi kawai, wasu kuma maki da sharhi tare. Waɗanda suka sami sharhi kawai ne aikinsu ya ƙaru. Waɗanda aka haɗa musu biyun kuwa ba su fi masu maki kawai ba, kamar dai makin ya cinye sharhin: ido ya faɗa kan lamba, ya leƙa ta maƙwabci, a rufe littafi. Ayyukan da Butler ta ba yaran ba insha'i ba ne, don haka sakamakon ba hukunci ba ne a kan kowane aji. Amma ya isa ya sa malami ya gwada a nasa. Hakan kuwa aka yi a Ingila daga 1999, lokacin da Paul Black da Dylan Wiliam na Kwalejin King's ta Landan suka yi aiki da malamai a makarantun sakandare shida na Medway da Oxfordshire, inda malamai suka jarraba gyara da sharhi kaɗai a ajujuwansu suna rubuta abin da suka gani.

A misalinmu, bayan wasu mako uku tsawon insha'i ya dawo kusa da 130, kuskure ya tsaya a goma. Sai dai da malamar ta raba alƙaluman bisa rukunonin nan uku, wani abu ya fito wanda matsakaici ya rufe. Masu ƙoƙari da 'yan tsakiya ne suka ja lissafin sama. Huɗun da ke baya suna nan inda suke, biyu daga cikinsu ma har yanzu ba sa wuce layi huɗu. Bayananta sun kuma nuna zaman biyu-biyun bai yi abin da ta zata ba: yawancin masu sauraro "ya yi kyau" kawai suke cewa, don kunya ko don gudun ɓata wa aboki rai, wasu kuma suna karɓe biron su gyara masa da kansu.

Zagaye na uku ya fuskanci waɗannan biyun. Ta rubuta nata gajeren labari a allo, da gangan ta bar gurabe, ta sa ajin ya yi mata tambayoyi: wa ya zo, a ina, sai me ya faru? Ta amsa, ta gyara a gabansu, suka ga cewa tambaya ba raini ba ce. Yaran da ke baya kuma ta sa su fara ba da labarinsu da baki ga aboki, sannan su rubuta jimla ta farko a gabanta kafin ta matsa. A irin wannan zagaye ne sau da yawa malami kan gano cewa wani yaron ba insha'i ne matsalarsa ba, haɗa baƙi da wasali ne bai zauna masa ba tun daga firamare, kuma abin da yake bukata daban ne da na sauran ajin.

Rahoton da za ta rubuta a ƙarshe labarin waɗannan sauye-sauye ne. Zai faɗi yawan ɗalibai da yanayin ajin, da tambayar farko, da yadda aka ƙirga, sannan kowane zagaye da abin da ya haifar. Zai nuna rubutun yaro guda na farko da na ƙarshe gefe da gefe, an cire sunansa, bayan an nemi izinin shugaban makaranta da iyaye. Mai karatu zai iya gane rahoto na gaskiya da alama ɗaya: tsarin zagaye na biyu ya fito ne daga abin da na farko ya tona. Idan aka ga zagaye uku duk an tsara su tun ranar farko, kowanne ya yi nasara fiye da na bayansa ba tangarɗa, to darasi uku aka jera aka sa musu sunan bincike.

Waiwayen ba ya ƙarewa da zangon karatu ɗaya, kuma tarihin Atwell kanta ya nuna haka. Hanyar barin yara su zaɓi jigo su yi ta rubutu ta sha suka mai nauyi daga Lisa Delpit, malama baƙar fata da ta koyar a Philadelphia. A maƙalolinta na 1986 da 1988 ta ce 'ya'yan baƙaƙe da na talakawa ba abin faɗa suka rasa ba. Abin da suke bukata shi ne a koya musu ƙa'idojin rubutun da jarrabawa da ofis ke nema, ƙarara, domin ba za su tsince su a gida ba kamar yadda 'ya'yan masu hali ke yi. Malamin da ya ja baya da sunan ba yaro 'yanci, in ji ta, yana iya barin waɗannan yara a bakin ƙofa. Da Atwell ta sake fitar da littafinta a 1998, bayan shekaru tana koyarwa a makarantar da ta kafa a Edgecomb a 1990, ta sauya matsayi a fili. Zaɓin jigo yana nan a hannun yara, amma malama ta dawo tana koyarwa kai tsaye, tana rubutu a gabansu, tana nuna musu siffar kowane nau'in rubutu, tana faɗa wa yaro abin da ba ya aiki a shafinsa. Wannan gyaran kai, daga matar da littafinta na farko ya riga ya yi suna, ya fi kyautar dala miliyan ɗaya ta malamin duniya da ta samu a 2015 nuna ƙimar aikinta.

Sai dai akwai iyakar da ya kamata duk mai karanta irin wannan rahoto ya sani. Makarantar Atwell mai zaman kanta ce, ajujuwanta ƙanana. Malamin da ke da yara 60 ko 90 ba zai zauna da kowa a kowane mako ba, shi ya sa misalin da ke sama ya dogara da samfurin littattafai 12 da zaman biyu-biyu. Na biyu, aji ɗaya ne, ba wani ajin da aka bari a tsohuwar hanya domin a gwada. Yaro yana girma cikin mako tara ko an yi bincike ko ba a yi ba, kuma jigo mai daɗi kamar ranar sallah yana jawo rubutu mai tsawo fiye da jigon tsaftar muhalli. Sabon abu ma a kan kansa yana motsa yara na ɗan lokaci. Saboda haka rahoton ba zai iya cewa "wannan hanya ita ce mafita" ba. Iyakar abin da zai ce shi ne: ga abin da aka yi a wannan aji, ga abin da ya biyo baya, ga dalilin da ya sa ake zaton ɗaya ne ya jawo ɗayan.

Babban haɗari kuwa shi ne malamin shi ne mai gwaji, shi ne kuma alƙali. Wanda ya yi mako tara yana wahala a kan hanya, idonsa zai so ya ga ta yi aiki, ko da zuciyarsa tsarkakakka ce. Maganin da malamai masu bincike ke amfani da shi ba ya cin kuɗi. A sa jigon farko da na ƙarshe su zama masu nauyi ɗaya, a kuma ba da lokaci ɗaya. A kwafi insha'in farko da na ƙarshe na yaran nan 12, a cire suna da kwanan wata, a cakuɗa takardun 24, a miƙa wa wani malamin Hausa da bai san wanne ne na yaushe ba, ya ƙirga da ma'aunin da aka yi amfani da shi tun farko. Idan lissafinsa ya zo kusa da nata, alƙaluman sun sami mai shaida. Idan ya yi nisa, sai su zauna su biyu su bi takardun ɗaya bayan ɗaya su ga inda suka saɓa, kuma wannan saɓanin ma ya shiga cikin rahoton.